Baƙo Iyakarsa Zaure: Yaushe Sa Hannun Manaja Ke Ɗaure Kamfani?

A ce wani ɗan kasuwa ne a Dawanau, mai harkar shinkafa shanshera. Shekara biyu ke nan yana kai wa wani kamfanin casar shinkafa kaya, kuma a kowane zuwa mutum ɗaya yake gani, wato manajan sayen kaya. Shi ke zare takarda mai tambarin kamfani ya rubuta oda, ya sa hannu, ya buga sitamfi. Motoci su shiga, a ɗora su kan sikeli, mai kula da sito ya ba da takardar karɓar kaya, bayan sati biyu kuɗi su faɗo daga asusun kamfani. Sau shida ana haka ba a taɓa jin kansu ba. A karo na bakwai sai manajan ya rubuta odar buhu 600, a ce kowane buhu naira 50,000, jimla naira miliyan 30. Kaya suka shiga, aka yi sati huɗu shiru. Da Alhaji ya gaji ya tafi ofis, sai ya tarar an sallami manajan, akanta kuma ya tarbe shi da wata magana da bai taɓa ji ba.

"Alhaji, ai a tsarinmu manajan sayen kaya ba ya wuce miliyan goma shi kaɗai. Duk abin da ya haura haka sai manajan darakta ya sa hannu. Wannan odar babu hannunsa, don haka kamfani bai san da ita ba."

"To ranka ya daɗe, ni ina zan san tsarinku? Na taɓa zama taronku ne?"

Wannan tambayar ta Alhaji ta girmi kakansa. Wani banki ya yi ta a gaban alƙalan Ingila fiye da shekara 160 da suka wuce, kuma amsar da aka ba shi ita ce lauyoyi ke kira ƙa'idar Turquand, ko ƙa'idar harkar cikin gida.

Kamfanin da ya jawo maganar na haƙar kwal ne da layin dogo a yankin Wales. Daraktocinsa sun bai wa Royal British Bank takardar alkawarin bashi ta fam 2,000, da hatimin kamfani a kanta, da sa hannun daraktoci biyu da sakatare. Kamfanin ya durƙushe, banki ya nemi kuɗinsa, ya kai ƙarar Turquand, mutumin da aka naɗa ya tattara abin da ya rage na kamfanin. Hujjar ɓangaren kamfani tana da kyan gani. Kundin dokokin kamfanin, wanda aka yi wa rajista kuma kowa na iya zuwa ya karanta, ya ce daraktoci za su iya cin bashi gwargwadon adadin da babban taron masu hannun jari ya amince da shi. An taɓa zartar da wani ƙuduri na cin bashi, amma bai faɗi ko nawa ba. Saboda haka, in ji su, daraktoci sun yi gaban kansu, bashin bai hau kan kamfani ba.

A 1856 kotun ɗaukaka ƙara, ƙarƙashin babban alƙali Jervis, ta ƙi karɓar wannan hujja. Ta yarda cewa a dokar wancan zamani duk mai hulɗa da kamfani ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya karanta kundin da aka yi wa rajista. To amma in banki ya karanta, me zai gani? Zai ga an halatta cin bashi bisa wani sharaɗi, sharaɗin kuma a cikin ɗakin taro ake cika shi, inda banki ba shi da kujera. Tun da kundin ya nuna ana iya cika sharaɗin, banki na da damar ɗauka cewa an cika. Aka ce kamfani ya biya. Abin dariya, shi kansa bankin da ya yi nasara ya rushe a wannan shekarar ta 1856, daga baya ma aka gurfanar da daraktocinsa kan zamba. Sunan Turquand kuwa, wanda aka kayar, shi ya manne wa ƙa'idar har yau.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane hikimar. Baƙo ya yi sallama, an sauke shi a zaure, maigida ya aiko ɗansa da saƙo. Ba aikin baƙo ba ne ya kutsa cikin gida ya binciki ko an yi shawara da uwargida kafin a aiko yaron. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ne mai halin liƙewa. In an tilasta wa kowane mai kawo kaya ya ga littafin taron daraktoci kafin ya sauke buhu ɗaya, kasuwa ta tsaya cik.

Kalmar harkar cikin gida ta fito ne daga bakin Lord Hatherley a shari'ar Mahony ta 1875, wadda ta taso daga Ireland. A can abin ya fi muni. Kamfanin haƙar ma'adinai ne da wasu mutane suka riƙa juyawa a matsayin daraktoci da sakatare alhali ba a taɓa naɗa su ba. Sun aika wa banki takarda cewa a biya duk cakin da daraktoci biyu da sakatare suka sa wa hannu, banki ya yi ta biya har kuɗi suka ƙare. Kotun ƙoli ta wancan lokaci ta ce ba za a ɗora wa banki asarar ba, domin masu hannun jari sun zuba ido waɗannan mutane suna zaune a ofis suna aiki da sunan kamfani.

A Najeriya maganar ta tashi daga hukuncin alƙalai ta koma rubutacciyar doka. Dokar kamfanoni ta 1990 ta ɗauko tsarin daga dokar Ghana ta 1963, wadda Farfesa Gower ya tsara, sannan sabuwar dokar 2020, wadda ake kira CAMA, ta maimaita shi a sashe na 89 zuwa 94. Har ma ta fi Turquand sassauci ga baƙo. Sashe na 92 ya soke tsohon zaton nan cewa kowa ya karanta takardun da aka ajiye a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, in ban da rajistar kadarorin da kamfani ya jinginar. Sashe na 93 kuma ya ba mai hulɗa da kamfani damar ɗauka cewa an bi kundin dokokin kamfanin yadda ya kamata, kuma duk wanda aka rubuta a rajista a matsayin darakta ko sakatare, ko wanda kamfani ya nuna a matsayin jami'insa, an naɗa shi daidai, yana da ikon da mai irin wannan kujera ya saba riƙewa a irin wannan kamfani. Masu kasuwanci ta Maraɗi da Damagaram, ko Garwa da Njamena, suna ƙarƙashin wata doka dabam, ta ƙungiyar OHADA, amma inda aka dosa kusan ɗaya ne: iyakar da kundin kamfani ya sa wa shugabanninsa ba ta zama makami a kan baƙon da ya shigo da zuciya ɗaya.

Sai dai akwai inda mutane ke zamewa. Ƙa'idar cikin gida tana rufe ɓarakar da ke cikin tsarin kamfani ne kawai: taron da ba a kira daidai ba, ƙudurin da aka manta, sa hannu na biyu da ba a nema ba. Ba ta mayar da duk wanda ya rataya katin kamfani a wuya ya zama wakilinsa. Kafin Alhaji ya ce ba ruwansa da abin da ke ciki, sai ya fara nuna cewa kamfani ne ya tsayar masa da wannan mutum a zaure. Wannan shi ne ikon zahiri, kuma shari'ar da ta fayyace shi ita ce ta Freeman da Lockyer, a 1964.

Mutum biyu, Kapoor da Hoon, suka kafa kamfani don su sayi wata babbar kadara mai suna Buckhurst Park su sayar. Daraktoci huɗu ne: su biyu da wakilin kowannensu. Kundin kamfani ya ba da damar a naɗa manajan darakta, amma ba a taɓa naɗa kowa ba. Hoon ya yi tafiyarsa ƙasar waje, Kapoor ya ci gaba da tafiyar da komai kamar shi ne manajan darakta, sauran suna kallo ba wanda ya ce uffan. Ya ɗauki masu zanen gine-gine, Freeman da Lockyer, su nemo izinin gini. Suka yi aiki, suka kawo lissafin fam 291 da sule 6. Kamfani ya ce Kapoor ba shi da izinin ɗaukarsu. Kotu ta ce a biya su.

Alƙali Diplock ya warware abin dalla-dalla, kuma har yau da ma'auninsa ake awo. Dole a samu wata alama da aka nuna wa baƙo cewa wannan mutum na da ikon ƙulla irin wannan yarjejeniya. Dole alamar ta fito daga waɗanda ke da ikon gaske na tafiyar da kamfanin. Dole baƙon ya zama ya dogara da alamar ne ya shiga cinikin. Sannan kada kundin kamfani ya zama ya haramta irin wannan ciniki ko irin wannan wakilci ɗungurungum. Alamar ba sai an rubuta ta ba, ba ma sai an furta ba. Shirun daraktoci suna kallon Kapoor yana aiki shi ne alamar. Sashe na 90 na dokarmu ya ɗauki wannan ruhi: aikin jami'i ko wakili yana hawa kan kamfani in babban taro, ko majalisar daraktoci, ko manajan darakta suka ba shi izini, a fili ko a fakaice, ko kuma suka nuna shi ga jama'a a matsayin mai izini.

Sharaɗi na biyu shi ne ƙashin bayan zancen. Wakili ba ya naɗa kansa. In mutum ya ce maka shi manaja ne kuma an ba shi dama, maganarsa ce kawai, kamar yadda dillali zai rantse maka mai gida ya yarda da farashi. Abin da kotu ke nema shi ne abin da kamfani ya yi.

To mu koma kan Alhaji. Me kamfani ya yi? Ya ba mutumin nan ofis da muƙamin manajan sayen kaya. Ya damƙa masa takardun oda da sitamfi. Ya bar sikelinsa da sitonsa suna karɓar kaya bisa sa hannunsa. Mafi ƙarfi duka, ya biya sau shida daga asusunsa. In lauyan Alhaji ya zauna da shi, abin da zai fara tambaya shi ne adadin waɗancan odoji shida. A ce biyu daga ciki sun kai miliyan 14 da miliyan 18, da sa hannun manajan shi kaɗai, aka biya ba gardama. To kamfani da hannunsa ya koya wa Alhaji cewa babu wata iyakar miliyan goma. Sayen shanshera kuma shi ne ainihin aikin manajan sayen kaya a kamfanin casar shinkafa, ba wani baƙon abu ya yi ba. Iyakar miliyan goma tana cikin wata takarda a durowar akanta, Alhaji bai taɓa ganinta ba. In aka ƙara da cewa kamfanin ya cashe shinkafar ya sayar bayan ya san yadda aka yi, ya ƙara ɗaure kansa, domin doka ta yarda kamfani ya amince da aikin wakilinsa daga baya, kuma ba a cin moriyar ciniki sannan a ce ba a san da shi ba. A ganina, a irin wannan labarin kamfani ba shi da wurin tsayawa. Rigimarsa da manajansa ce, ya je ya neme shi.

Yanzu mu ɗan taɓa labarin, mu ga yadda ƙaramin canji ke juya shi.

A ce watanni uku kafin nan kamfani ya raba wa masu kawo kaya wasiƙa cewa duk odar da ta wuce miliyan goma sai da hannun manajan darakta, kuma yaron Alhaji ya karɓa ya sa hannu, Alhaji ya karanta ya jefa a mota. Shi ke nan, kariya ta faɗi. Doka ta ce wanda ya san gaskiyar lamari ba zai fake da zato ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wanda ya fi wannan kama mutane shi ne inda manajan da kansa ya buɗe baki. "Alhaji, gaskiya iyakata miliyan goma, amma na yi waya da oga, ya ce a ci gaba." Mutum zai ji kamar wannan ƙarin tabbaci ne, alhali a nan ne ƙasa ta zame masa. Daga wannan lokacin Alhaji ya san akwai iyaka, abin da ya rage masa kawai maganar wakili a kan ikon kansa. Kusan haka ta faru a shari'ar wani jirgin ruwa mai suna Ocean Frost a 1986. Wani babban jami'in kamfanin Mundogas ya ce ya samo izini na musamman ya ƙulla hayar jirgin ta shekara uku, ɗaya ɓangaren kuwa ya san ba ya cikin ikonsa na yau da kullum. Ashe cin hanci aka ba shi, ba wanda ya ba shi izini. Kotun ƙolin Ingila ta ce kamfaninsa bai ɗauru ba. Da Alhaji ya ce, "To a turo mini saƙo daga ogan da kansa," da minti biyar sun ishe shi tsare miliyan talatin.

Sai kuma girman abin da yanayinsa. Ikon da ake zato ga mutum daidai yake da kujerarsa. Manajan sayen kaya na sayen shinkafa da buhuna da man inji. In ya zo da takardar sayar da filin kamfani, ko ya ce zai sa kamfani ya tsaya wa wani lamunin bashi, tambarin da ke saman takardar ba zai taimaki kowa ba. Haka ma darakta ɗaya tilo wanda ba manajan darakta ba, ikonsa a teburin taro yake tare da 'yan uwansa, ba shi kaɗai ba. Dokar ma ta yi gargaɗi ƙarara: don kawai kundin kamfani ya ce ana iya miƙa iko ga wani jami'i, wannan bai isa ka ɗauka an miƙa ba.

Akwai kuma warin da hanci ke ji. A 1924 wani Underwood, wanda shi kaɗai ne daraktan kamfaninsa kuma kusan duk hannun jarin nasa ne, ya riƙa ɗaukar cakin da aka rubuta da sunan kamfani yana zubawa a asusun kansa. Banki ya ce ai shi ne kamfanin, yana da ikon yin haka. Kotu ta ce abin ya saɓa wa al'ada har ya isa ya sa mai hankali ya yi tambaya, tun da banki bai tambaya ba, ya biya. A labarinmu, kwatankwacin wannan shi ne manaja ya ce a kai kayan wani sito a bayan gari wanda ba na kamfani ba, ko a sauke da daddare ba tare da hawa sikeli ba, ko ya nemi a tura masa wani kaso a asusunsa. Lafazin dokar Najeriya ya fi tsayawa a kan wanda ya sani, ko wanda matsayinsa da alaƙarsa da kamfani suka sa ya kamata ya sani. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Mutumin da ya yarda ya sauke tirela biyu a wani kango da ƙarfe ɗayan dare zai sha wuya kafin alƙali ya yarda cewa da alamar kamfani ya dogara.

Maganar matsayi da alaƙa na nufin ƙa'idar ta baƙi ce. In Alhaji shi ma darakta ne a kamfanin, abin da ya zama ruwan dare a kamfanoninmu na dangi, inda ake rubuta sunan ƙane da suruki a rajista don a cika gurbi, to ya tashi daga zaure ya koma ɗan gida. Ba zai ce bai san tsarin ba, ko da kuwa bai taɓa halartar taro ko sau ɗaya ba.

Saura jabu, inda dokarmu ta rabu da tsohon hukuncin Ingila. A 1906, a shari'ar Ruben, sakataren wani kamfani ya ƙirƙiri takardar shaidar hannun jari 5,000, ya kwaikwayi sa hannun daraktoci biyu, ya buga hatimin kamfani na gaske, ya ci bashi da ita. Kotu ta ce takardar jabu ba komai ba ce, ƙa'idar Turquand ba ta raya ta. Masana sun daɗe suna sukar wannan hukunci, tun da kamfani ne ya ajiye mutumin a kan hatimi. Sashe na 94 na dokar Najeriya ya bi masu sukar: in dai a bisa sauran ƙa'idojin kamfani zai ɗauki nauyin aikin jami'insa, to zai ɗauka ko da jami'in ya yi zamba ko ya ƙirƙiri takarda, sai fa in akwai haɗin baki tsakaninsa da baƙon. Wato da manajan nan ya kwaikwayi sa hannun manajan darakta a ƙasan nasa, Alhaji bai sani ba, kamfani bai kuɓuta ba. A lura dai, jami'in kamfani na gaske ake magana. Ɗan damfarar da ya buga takarda mai tambari a shagon kwamfuta, wanda kamfani bai taɓa sani ba, ba ya cikin lissafi, domin babu wata alama da ta fito daga kamfani.

Wani abu da ya canja tun 2020 ya cancanci a sani, saboda har yanzu wasu na ganin hatimi shi ne komai. Yanzu ba dole ba ne kamfani ya mallaki hatimi. Ko babbar yarjejeniya ce, tana ƙulluwa da sa hannun darakta da sakatare, ko daraktoci biyu, ko darakta ɗaya a gaban shaida. Saboda haka in ciniki ya yi nauyi, abin dubawa shi ne su wane ne suka sa hannu, kuma sunayensu na cikin rajistar CAC a matsayin daraktoci ko a'a. Doka ba ta tilasta wa Alhaji ya bincika ba, amma rahoton matsayin kamfani da ake ciro wa daga hukumar kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da tirela ɗaya ta shanshera, kuma duk sunan da ya gani a ciki, sashe na 93 ya tsaya masa a kai.

Ga masu kamfani kuma, ɓarakar da ta fi yawa tana zuwa ne ranar sallama. An kori manaja ranar Litinin, ba a karɓe littafin oda da sitamfi ba, ba a sanar da banki da masu kawo kaya ba. Ikonsa na gaske ya mutu a ranar, amma na zahiri yana nan da ransa a idon duk wanda ya saba ciniki da shi, har sai labari ya isa gare su. In ya rubuta wa Alhaji oda ta takwas ranar Laraba, mai gadi ya buɗe ƙofa, sikeli ya auna, mai sito ya sa hannu, lauyan kamfani zai tarar da irin shari'ar da ya riga ya faɗi a oda ta bakwai, sai dai wannan karon har da takardar sallamar da ba a nuna wa kowa ba a cikin fayil.